Akwatin Kyanwa a Ɗakin Iya

Ana tsakiyar damina takardar afektasiyo, wato canjin wurin aiki, ta same ni, an maida ni Doso. Ni ungozoma ce, na yi shekaru ina aiki a ɗakin haihuwa a Tanut, ina haya a gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Iya. Gidan ƙasa ne mai tsakar gida ɗaya. Ɗakuna biyu namu ne ni da ƴata, na ukun can gindin dogonyaro shi ne na Iya. Asalinta mutuniyar Gangara ce, aure ya kawo ta Tanut. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, ya daɗe da rasuwa. Ɗanta yana Libiya, ƴarta tana aure a Agadas, ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, sai dai tana gane mutum da muryarsa tun daga zaure.

Da na gaya wa ƴata za mu tashi, ba ta tambayi komai game da sabon garin ba. Shekarunta tara a lokacin. Ta ce, "Mama, da Mage za mu tafi ko?"

Mage kyanwarta ce, fara mai baƙin kunne ɗaya. Ta tsinto ta tana jaririya a bayan asibiti a shekarar da babanta ya rasu, lokacin da yarinyar ta kusa daina magana da kowa. Da tsumma take ɗiga mata madara a baki har ta rayu. Ban tsaya tunani ba na ce da ita za mu tafi. Na ɗauka abu ne na a kama a saka a kwali.

Ƙanena direba ne a Damagaram, shi ne zai kai mu a motarsa, manyan kaya kuma su bi babbar mota. Da na faɗa masa a waya har da kyanwa, ya yi ta dariya, sannan ya ce kwali ba zai yi ba, za ta yage shi tun kafin mu fita daga gari. Bayan ƴan kwanaki ya aiko mini da wani akwatin roba da ya samo wurin masu gwanjo, irin wanda aka yi musamman don ɗaukar kyanwa. Yana da ramukan shan iska ta ko'ina, da ƴar ƙofa ta ƙarfe, da mariƙi a sama. Yaran unguwa suka taru suna kallonsa.

Ranar da akwatin ya iso na so in gwada. Na kama Mage na tura kanta ciki. Ta buɗe ƙafafunta huɗu ta tokare bakin ƙofar, na danna, ta juyo ta yage mini hannu daga wuya zuwa gwiwa, ta haura katanga. Har magariba ba ta dawo ba. Washegari ta leƙo ɗakinmu, ta hango akwatin a bayan ƙofa, ta juya. Daga ranar ta daina shiga ɗakin, ko da an ajiye mata kifi.

Na tafi wurin likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo. Dattijo ne mai sanyin magana, aikinsa na kullum raƙuma ne da shanu da tumaki, amma ya taɓa zama a Yamai ya ga masu tafiya da kyanwa. Na nuna masa hannuna, na tambaye shi ko akwai maganin barci da za a ba ta ta kwanta har mu isa.

Ya ce, "A'a, Madam. A zafin nan maganin barci yana iya sauke mata jini ko ya danne mata numfashi, kuma ba za ki gane ba don tana kwance shiru. Kada ki ba ta komai daga cikin maganin mutane. Farasitamol ɗin da kike ba yara, a wurinta kisa ne."

Ya tambayi yaushe ne tafiyar. Na ce kafin yara su koma lakwal, wato makaranta. Ya ce to akwai lokaci, in na yi haƙuri. Ya yi mini bayani dalla-dalla. A wanke akwatin da ruwa don warin tsoron da ta bari a ciki ya fita. A cire ƙofar gaba ɗaya. A ajiye shi a wurin da ta fi son kwanciya, a shimfiɗa tsumman da ta saba da ƙamshinsa, sannan a yi kamar an manta da shi. Abincinta a riƙa ajiyewa nesa kaɗan da shi, kullum ana matsowa, har ya kai bakin ƙofa, har ya shiga ciki. Sai ta riƙa shiga da kanta tana kwanciya kafin a maida ƙofar. Ya ce kuma zai sa a kawo allurar ciwon haukan kare daga Damagaram, ya yi mata da wuri ya rubuta a karne, ɗan littafin shaidar allura, don kada allura da tafiya su haɗu mata, kuma ko wani ya tambaya a hanya in sami abin nunawa.

Ya ƙara tambaya, "Ina take kwana da rana?"

Ban sani ba. Da safe nake fita, ƴata kuma a lokacin hutu tana wurin wata abokiyar aikina da ke da yara sa'anninta. Ban taɓa tambayar kaina ina Mage take wuni ba.

Washegari na dawo gida da hantsi don in gani. Na tarar da Iya zaune bakin gadonta tana tsince wake da laluben yatsa, Mage kwance a cinyarta ta miƙe ƙafafu. Iya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, tana ba ta labarin wata mata da ta zo aron turmi ba ta maido ba. A gefen gadon akwai ɗan kasko da sauran fura da nono a ciki, gefensa ya sha lasa har ya yi santsi. Kaskon ba na jiya ba ne.

Iya ta ji takuna ta ce, "Likita, yau da wuri?"

Na ce, "Iya, ashe nan take wuni."

Ta ce, "Tun tana ƙarama. Kuna fita take shigowa. Ita ke gaya mini azahar ta yi, don da ta ji ladan take sauka ta tsaya wurin buta."

Shekaru muna gida ɗaya ban san wannan ba. Ina gaishe ta safe da yamma, ina auna mata jini, ina kawo mata maganin ido, amma ban taɓa zama a ɗakinta na tsawon shan kofin shayi ba. Na tsaya a bakin ƙofa da maganar da na zo da ita. Daga baya dai na faɗa. Na ce likitan dabbobi ya ce a ajiye akwatin inda kyanwar ta fi sakin jiki, kuma ga alama nan ne.

Iya ta daina tsintar waken. Ta ce, "Da ita za ku tafi ke nan."

Na ce, "Yarinyar ce, Iya."

Ta ce, "Na sani. Tata ce ai. Kawo shi."

Na wanke akwatin, na kwance ƙofar, na kai shi ɗakinta na ajiye a ƙarshen gado ta ƙasa. Na kawo tsohuwar rigar ƴata zan shimfiɗa, Iya ta ce in ƙara da wani abu. Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta jawo wani tsohon zane mai shuɗi da ya koɗe, ta ce a kansa Mage ke kwanciya in ita ta fita tsakar gida. Na ninka shi na saka.

Kwanakin farko Mage ta ƙaurace wa wannan ɓangaren ɗakin. Takan shigo ta raɓa bango, ta haye gado ta can sama, idonta a kan akwatin. Ni na ƙosa. Kullum in na dawo sai in tambaya ko ta shiga, Iya ta ce tukuna. Wata rana na ce ko mu rage mata abinci yunwa ta kora ta ciki. Iya ta ce ita ba za ta yi wannan ba, kuma ba ta ga amfaninsa ba. Da na sake haɗuwa da likitan dabbobi ranar allura na tambaye shi, ya ce tsohuwar ta yi daidai, ba a hana kyanwa abinci, abin da ake so ta riƙa samun abin da ta fi so a wurin akwatin.

Abin da Mage ta fi so busasshen kifi ne da ƴan guntayen kilishi marar yaji. Na riƙa sayowa ina ba Iya. Tana auna nisan da tafin hannunta tunda ba ta gani sosai. Yau kasko yana nan, gobe ta matsa shi tafi ɗaya. In Mage ta ƙi ci, ta maido shi baya ta bar shi a nan har sai ta ci hankali kwance. Ƴata ta daina zuwa gidan abokiyar aikina, ta koma zama wurin Iya, su biyu suna raɗa kamar masu gadon marar lafiya. Ran da Mage ta sa ƙafafun gaba a ciki ta ɗauko kifi ta fito da baya, yarinyar ta tarye ni tun daga zaure da labari. Ran da ta shiga duka ta juya ta kwanta a kan zanen, Iya ce ta fara sani, don ta ji ƙarar gurnaninta na fitowa daga cikin roba.

Na yi murna a ranar, har na sayo nama na yi mana miya. Muna ci a tsakar gida na lura Iya ta tsakuri kaɗan ta ture kwanon. Na tambaye ta ko jikin ne. Ta ce a'a, ta sha fura da la'asar.

Sai aka maida ƙofar. Da farko an ɗaure ta a buɗe da igiya don kada ta kaɗa ta tsorata ta. Bayan ta saba, Iya ta fara tura ƙofar a hankali lokacin da Mage ke ci, ta buɗe tun kafin ta gama. Sannan ta riƙa barin ta a rufe tsawon jan carbi ɗaya, hannunta a kan ramukan akwatin, tana magana. In Mage ta fara kuka, Iya takan jira ta ɗan yi shiru kafin ta buɗe, washegari kuma ta rage lokacin. Ni ban koya mata wannan ba. Da lokacin ya yi tsawo, ƴata ta fara ɗaukar akwatin da hannu biyu, ta tallafe shi daga ƙasa don kada ya yi lilo, ta zagaya tsakar gida ta dawo.

Duk wannan aikin a ɗakin Iya aka yi shi, da hannunta. Ina wucewa in gan ta duƙe, tana lallashin abin da ke ɗebe mata kewa ya saba da akwatin da zai raba su. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da ta yi, ina jin da na sami abin da zan kare kaina da shi.

Wata rana da yamma muna zaune gindin dogonyaro na ce, "Iya, ko dai mu bar miki ita?"

Ƴata tana nan kusa tana wanke kwanuka, kuma na san tana ji. Ta tsaya cak da kwano a hannu. Iya ta juya fuskarta wajen da ƙarar ruwan ta tsaya, sannan ta ce, "Ni da ba na gani, me zan yi da kyanwa? Ku tafi da abarku." Ta kira yarinyar ta ce ta zo ta ɗebo mata ruwa.

Na yi ta tunanin wannan tambayar daga baya. Ina da damar in yi ta lokacin da muke mu biyu, a ɗakinta, inda za ta iya faɗin abin da ke ranta. A gaban yarinyar na yi ta, inda amsa ɗaya ce kawai mutum irin Iya zai iya bayarwa. Ban kuma sake tambaya ba.

Saura gwajin mota. Likitan dabbobi ya ce kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ta ji ƙugin inji. Ƙanena ya zo Tanut da wasu kaya ya yi ƴan kwanaki, na roƙe shi. Ranar farko muka sa akwatin a kujerar baya, mota a tsaye, inji a kashe, aka ba ta kifi a ciki. Da yamma ya tada injin bai motsa ba. Washegari muka ce za mu zagaya gari. Tun kafin mu kai kasuwa Mage ta fara wani irin kuka mai tsawo da ban taɓa ji ba, yawu na zuba daga bakinta. Ƴata ta fara kuka ita ma. Muka dawo.

Iya tana zaure tana jiranmu. Ta ji yadda aka yi ta ce, "Gobe ku tafi da ni."

Ƙanena ya kama hannunta ya shigar da ita baya. Ta ce a rufe akwatin da mayafi marar kauri a bar gefe ɗaya, don ita ta lura Mage ta fi natsuwa a wuri mai duhu. Ta sa yatsunta ta ramukan ƙofar. Muka tashi a hankali. Mage ta yi kuka, Iya ta yi ta yi mata hira kamar yadda take yi a ɗaki, har kukan ya koma ƙarami, ya riƙa zuwa jefi-jefi. Muka fita bayan gari inda gero ya yi kai, iska mai ƙamshin ƙasa na shigowa ta taga. Iya ta ɗaga fuska ta tambayi ƙanena ko wannan ce hanyar da ake bi a je Gangara. Ya ce a'a, wannan ta Damagaram ce. Ta ce rabonta da shiga mota tun rasuwar yayarta. Ta tambaya ko geron bana ya yi kyau, ƴata ta riƙa gaya mata abin da take gani, gonaki da raƙuma da wata mata a kan jaki. Da muka juyo, Iya ta ce, "Har mun koma?"

Na yi shekaru a gidanta, motar asibiti na zuwa ɗaukata, ƙanena na zuwa da tasa, ban taɓa cewa Iya zo mu zagaya ba sai da kyanwa ta buƙaci hakan. Muka sake fita da ita kafin ƙanena ya koma, wannan karon muka yi nisa, Mage kuma ta kwanta a kan zanen ba ta zubar da yawu ba.

Ana gobe tafiya babbar mota ta zo kwasar kaya. Likitan dabbobi ya riga ya gargaɗe ni cewa hayaniyar kwasar kaya ce ke sa kyanwa ta gudu ta ɓuya, a wayi gari ana nema. Tun da safe Iya ta kira Mage ɗakinta ta rufe ƙofa, aka sa mata ruwa da tasa cike da rairayi a lungu don biyan buƙata. A can ta wuni, a can ta kwana. An ba ta abincinta da yamma, da safe kuma ruwa kawai, don kada ta yi amai a hanya.

Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na shiga ɗakin da sallama. Na tarar da akwatin a kan gado, Mage a ciki, ƙofar a rufe. Iya na zaune kusa da shi da carbi.

Ta ce, "Da kanta ta shiga. Na sa mata tsumma a ƙarƙashin zanen ko za ta yi fitsari. Duba mini ko na kulle daidai."

Na duba. Ta kulle daidai. Na durƙusa na ce ta yafe mini duk abin da na yi mata a zamanmu. Ta ce ban yi mata komai ba, Allah ya kai mu lafiya, ya raya yarinya. Ƴata ta rungume ta. Iya ba ta raka mu zaure ba, ta ce ƙafarta na ciwo. Ni na ɗauki akwatin na fita da shi.

Ƙanena ya ɗaure akwatin da bel a kujerar baya, ta ɓangaren da rana ba za ta buga ba, ƴata a gefensa. Har Damagaram lafiya lau, ƴan koke-koke ne kawai. Bayan mun wuce, rana ta ɗaga, zafin ƙarshen damina ya sauko mai nauyi, na'urar sanyaya motar kuma ba ta da ƙarfi. Wajen azahar ƴata ta ce, "Mama, ta buɗe baki." Na juya na ga Mage tana haki, harshe a waje. Likitan dabbobi ya riga ya ce mini kyanwa ba ta haki kamar kare, in na ga haka zafi ko tsoro ya kai mata wuya, in tsaya nan take.

Muka sauka daga kwalta muka tsaya ƙarƙashin wata babbar bishiya. Ƙanena ya kai hannu zai buɗe akwatin ta sha iska, na riƙe shi, don in ta fita a dajin nan ba za mu ƙara ganinta ba. Muka cire mayafin, muka buɗe ƙofofin motar iska ta ratsa, akwatin na kulle. Da motar ta huce muka rufe ƙofofi, muka ɗaga gilasai saura ɗan tsagi, sannan na buɗe ƙofar akwatin kaɗan na sa hannu da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan ba mai ƙanƙara ba ne. Na shafa mata tafin ƙafafu da kunnuwa da ciki. Ba ta yage ni ba. Na kulle, muka sake buɗe ƙofofi, ƴata na yi mata fifita da murfin kwali. A hankali ta rufe bakin, numfashinta ya daidaita, ta lashi ruwa kaɗan daga murfin kwalba. Ba mu tashi ba sai da rana ta karya.

Muka kwana a Maradi gidan wata ƴar'uwarmu. A ɗaki rufe muka sake ta, da tasar rairayi da ruwa da ɗan abinci. Ta ci kaɗan ta koma cikin akwatin da kanta. Da sassafe muka kama hanya don mu ci nisa kafin zafi, muka isa Doso da la'asar.

A sabon gidan na ware mata ɗaki ɗaya, akwatin a buɗe a lungu. Makonni muka yi ba mu bar ta ta fita waje ba, don kada ta kama hanyar neman tsohon gida. Ta rame kaɗan, sannan ta murmure. Ƴata ta shiga sabuwar lakwal, kullum in ta dawo wurin Mage take fara zuwa, kuma ina ganin hakan ya taimake ta a watannin farko da ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ina faɗa wa kaina wannan sau da yawa, kuma gaskiya ne.

Iya ba ta da waya. Sai na kira abokiyar aikina in ta tashi daga aiki ta bi ta gidan ta miƙa mata. Kiran farko, bayan gaisuwa, ta tambayi yarinya, ta tambayi ruwan garin, sannan ta ce, "Tana ci?" Na ce tana ci. Ta ce a riƙa cire mata ƙayar kifi, don tana haɗiya da sauri.

Abokiyar aikina ta gaya mini daga baya cewa ɗakunanmu wani jandarma ne ya kama, marar iyali, yana fita da asuba ya dawo bayan isha. Gidan shiru yake wuni. Na roƙe ta ta nemo wa Iya ƴar kyanwa. Ta samo wata ja a gidan wani mai gasa burodi ta kai mata. Iya ta karɓa ta gode, ta riƙe ta kwana biyu, sannan ta aika a zo a ɗauka. Ta ce ƙaramar tana shiga tsakanin ƙafafunta, tana tsoron ta taka ta ko ita ta faɗi, kuma ba ta da ƙarfin renon jariri yanzu.

Da na kira na ce, "Iya, an ce kin maida ta."

Ta ce, "Na maida. Kada ki damu kanki, Likita. Akwai yaran maƙwabta, suna leƙo ni."

Na ce in Allah ya yarda da babban hutu za mu zo. Ta ce Allah ya nuna mana. Hutun ya zo aka hana ni izini saboda ƙarancin ma'aikata. Kafin na gaba ya zagayo, ƴarta ta zo daga Agadas ta tafi da ita, aka rufe ɗakin. Na nemi lambar ƴar na samu, mukan yi magana lokaci zuwa lokaci. Ta ce idon ya rufe gaba ɗaya, amma tana cin abinci, kuma jikoki na kewaye da ita. Ranar da ta miƙa mata wayar, Iya ta gane muryata tun kafin in gama sallama. Mun daɗe muna hira a kan zafin Agadas da tsadar gero da karatun ƴata. Ba ta tambayi Mage ba a ranar, ni ma ban kawo maganar ba.